Makwancin Dogon Baro

Tun ranar da Yazidu ya sayar da shanun huɗar da mahaifinsa ya bari, zama wuri ɗaya ya gagare shi. In ya zauna a tabarma sai ya miƙe, in ya miƙe sai ya leƙa ɗaki, ya ɗaga katifa, ya taɓa ƙullin, ya dawo. Jika ɗari takwas ne na sefa a naɗe cikin tsohon zanen matarsa Nasiba, kuma duk abin da gidansu ya mallaka ke nan a duniya.

Da can ɗan dako ne a tashar manyan motoci ta Gaya. Shekara goma yana sauke buhuna yana lodawa, har lokacin da kamiyoyi, wato manyan motocin kaya, suka daina tsallako gada kamar da, tasha ta koma wurin barcin awaki. Ya yi ta faɗi-tashi har ya gaji, sannan ya tafi ƙauyensu a yankin Yelu, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa Kande, ya roƙi a sayar da bijiman nan biyu ya sayi abin hawan da zai nemi abinci da shi. Ya yi alkawarin kafin ruwan shuka ya sauka zai kawo kuɗin hayar huɗa, gonarta ba za ta kwana ba. Tsohuwa ta yarda, amma da sharaɗi guda.

"Ka sayi abin da kake so," in ji ta. "Amma ban da mai ƙafa biyu."

Bai tambaye ta dalili ba, don ya sani. Wansa Halidu a kan moto, wato babur, ya rasu, shekara shida da suka wuce, a hanyar Kamba, da jarkokin esansi, wato fetur, a ɗaure bayansa. Tun daga ranar ko sunan moto ba a ambata a tsakar gidan Kande.

To, sharaɗin bai dami Yazidu ba da farko, domin ransa ma yana kan dogon baro, wato babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwatin kaya a baya. Sabo ya fi ƙarfinsa, amma akwai wani Abdulmalik, mai sayar da siminti a bakin kasuwa, da ke son rabuwa da nasa. Shuɗi ne, an sake masa fenti, yana ƙyalli. Kuɗinsa jika ɗari takwas, kamar an auna da aljihun Yazidu. Mai hankali da ya ji farashi ya zo daidai da abin hannunsa ba ragi ba ƙari, da ya ɗan tsaya. Yazidu kuwa cewa ya yi rabo ne.

Abdulmalik mutum ne mai sakin fuska. Ya ce ba ya son a sayi kayansa a duhu, Yazidu ya ɗauka ya gwada wuni guda, ranar Talata. Talata kuwa ita ce ranar kasuwar Gaya, ranar da ko jaki gurgu ba ya rasa kaya. Da Yazidu ya zo da hantsi ya tarar an riga an tayar da inji, yana ta ruri shi kaɗai. Ya ɗauki buhunan shinkafa daga bakin kogi, ya kai albasa tasha, ya kwaso rake, ya koma ya kwaso gishiri. Kafin magariba ya haɗa jika goma sha biyar. Esansi ya ci huɗu. Wanda ya taya shi lodi ya karɓi ɗaya da rabi. Ya ware ɗaya da rabi na gyara, kamar yadda ya ji ana yi. Saura takwas a tafin hannunsa.

Ya shigo gida yana lissafi da ƙarfi tun daga zaure. "Takwas sau shidda, arba'in da takwas. Nasiba, jika arba'in da takwas kowane sati. Wata huɗu na maida shanun Baba."

Nasiba tana tsince shinkafa a faifai. Ita ba mai yawan magana ba ce, sai dai in ta yi guda ɗaya takan hana mutum barci.

"Sati naka duka Talata ne?" ta ce.

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya fita, ya dawo, ya ɗaga katifa. Ranar Alhamis ƙafarsa ta kai shi bakin kasuwa ba tare da ya aike ta ba. Dogon baro takwas ya ƙirga a jere ƙarƙashin dalbejiya, masu su kwance a cikin akwatunan, wasu da hula a kan fuska. Ya tayar da ɗaya da sallama, ya saya masa shayi, ya ja shi da hira. Mutumin ya ce ranar da babu kasuwa, in Allah ya taimake ka ka ga jika bakwai. Yazidu ya cire biyu na esansi, ɗaya na mai lodi, ɗaya da rabi na gyara. Saura biyu da rabi. Kwana biyar, goma sha biyu da rabi. Ya ɗora takwas ɗin Talata, ashirin da rabi. Ya sake lissafawa da yatsu ko wani abu ya maƙale a wani wuri. Babu abin da ya maƙale. Arba'in da takwas ɗinsa ta koma ashirin da rabi, kuma shi ya biya kuɗin shayin.

"Amma hwa da kaka," in ji mutumin yana komawa kwance, "in anka yanke shinkahwa, kullum Talata ce."

Wannan maganar ita ta ƙara hana shi sakat. Da mutumin ya yi shiru, da ya huta.

Daga nan ya wuce garejin Yacuba, abokinsa tun suna yara, wanda ke gyaran moto a ƙarƙashin rumfar kwano kusa da tasha. Ƴan kabu-kabu ba sa rabuwa da wurin, kuma ba sa ɓoye cinikinsu, sai dai su rage kaɗan don tsoron baki. Yacuba ya saurare shi yana ɗaure sarƙar wani babur.

"Moto sabuwa jika ɗari biyar da hamsin," in ji Yacuba. "Takardu da kaske, hular ƙarhen nan, da kuɗin meri na hukumar gari, sa hamsin. Ɗari shidda ke nan, ɗari biyu na hannunka. Kana samun shidda a wuni in ba ka da ƙyuya. Esansi biyu. Ka aje rabin jika kullum, shi ne bidanji, canjin baƙin mai, duk sati, da sarƙa, da taya in ta sule. Nawa ya rage?"

"Ukku da rabi."

"Sau shidda?"

"Ashirin da ɗaya."

Yazidu ya zauna a kan tsohuwar taya, ya miƙe nan take kamar ta ƙone shi. Ashirin da ɗaya, ashirin da rabi. Rabin jika ne tsakani, kuɗin koko da ƙosai. Ya zo neman lissafi ya raba masa gardama, lissafi ya ɗaga kafaɗa ya bar shi da kayansa.

"Riba ɗai kake kallo," in ji Yacuba. "Ni ɓaci nike kallo, shi ne abincina. Moto in ta yi hushi, jika biyar, goma, ka tashi. Wancan in ya kwanta, sai ka sai da wani abu. Taya ukku gare shi. Ga kardan mai kai ƙarhin inji baya, ga lam masu ɗaukar nauyin kaya, ga fon na baya mai juya ƙahwahu. Kuma tsoho ne, kuma ba za ka rage ko dala ba ranar da ka biya. Ka kawo shi in duba."

"Ya ce ba a kai kayanshi gareji. Wai makanikai na ɓata ciniki."

Yacuba ya yi dariya ta hanci.

"Kuma Inna ta hana moto," in ji Yazidu.

Dariyar ta tsaya. Yacuba yana cikin waɗanda suka ɗauko Halidu daga hanya. Ya sunkuya kan sarƙarsa ya ci gaba da ɗaurewa.

Sati biyu Yazidu ya yi yana zarya tsakanin bakin kasuwa da gareji. Da safe mai dogon baro ne, da la'asar ɗan kabu-kabu. Abinci ya daina yi masa daɗi. A sallah ma sai ya tsinci kansa yana cire esansi daga raka'a, ya yi istigfari ya sake niyya. Zafin bazara ya tsananta, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa. Labarin kuɗin kuma ya zaga dangi: wannan matarsa ta haihu, wancan ɗansa ba lafiya, kowa da sallamarsa mai tsawo. Yazidu yana ba su haƙuri da fuskar da ba ta saba hanawa ba, yana jin kunya har cikin ƙashinsa. Abdulmalik ya aiko cewa akwai wani daga Jundiyu da ke so, in Laraba ta wuce kada a ga laifinsa.

Ranar Litinin Yazidu ya yanke shawara, ko kuma gajiya ta yanke masa. Zai sayi dogon baro. Lissafi ya zo kunnen doki, uwa kuma ta yi magana, to me ya rage? Ya aika wa Kande ta zo ta sa albarka.

Ta iso ranar Talata a motar kasuwa, da ƙullin daddawa da sandarta. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya, mai kallon mutum har sai ya gyara tsayuwa. Ya kai ta gaban shagon siminti da yamma. Dogon baro na tsaye yana ruri, an wanke shi tas. Abdulmalik ya kawo mata kujera da ruwan sanyi, yana ta "Sannu da hanya, Inna." Ta kewaya abin sau ɗaya, ta ƙwanƙwasa akwatin da sanda.

"Shina da kyau," ta ce. "Ina shike kwana?"

Abdulmalik ya ɗan yi turus. "Bayan gidana, Inna. Cikin kangon da nike aje yashi."

"To. Allah shi kai mu gobe."

A hanyar gida Yazidu ya kasa haƙuri. "Inna, mi ya kawo maganar wurin kwana?"

"Ubanka bai taɓa sayen sa a kasuwa ba," ta ce. "Can shike gani, amma ba can shike saye ba. Ranar kasuwa an ba shi dussa da kanwa, ya sha ruwa ya cika, an goge mishi jiki. Ubanka sai ya kwana garin, da asuba ya tahi turke tun mai shi bai hito ba. Ya ga yadda san ke tashi daga kwance, ya dubi kashinshi, ya dubi inda ya kwanta. Dabba ba ta ƙarya da sanyin sahiya."

"Inna, wanga ƙarhe ne."

"Ƙarhe ba ya kwana?"

Abin da ya tuna shi ne, sau huɗu yana zuwa wajen dogon baron nan, bai taɓa samun injinsa da sanyi ba. Ya bi ta gareji ya gaya wa Yacuba.

Da aka sallame sallar asuba su uku suka nufi kangon. Babu ƙofa, sai katanga da ta zube rabi. Dogon baro na tsaye a gefe, raɓa ta kwanta a kan fentinsa. Ƙasan cikinsa yashi ne sabo, fari, an baje shi da kyau, alhali sauran filin duk tsohuwar ƙasa ce da kashin awaki. Kande ta sa sandarta ta tone yashin. Ƙarƙashinsa baƙi ne ƙirin, ya jiƙe da mai. Ta matsa baya, tsakanin ƙafafun baya biyu, ta sake tonawa. Nan ma haka, har ya fi faɗi.

Abdulmalik ya fito da buta a hannu. Ya gan su, ya ga ramukan biyu, ya gaishe su a sanyaye.

"Malam Abdulmalik, tada muna shi," in ji Yacuba.

Ya danna, inji ya yi tari ya mutu. Ya sake, ya mutu. Sai a na biyar ya kama, da hayaƙi shuɗi mai kauri da ya cika kangon har awaki suka watse. Yacuba ya ce a kashe. Ya kwanta a ƙasa, ya kwance wani ƙusa a jikin fon, ya zura yatsa, ya fito da shi ya nuna wa haske. Ɗan man da ya rage yana walƙiya da garin ƙarfe.

"Ya daɗe shina yoyo ana tahiya da shi haka, haƙoran ciki sun ci juna," ya ce. "Fon, jika tis'in. Inji shina shan mai, a buɗe a sa segema da fistan, hamsin. Tayun ga ukku ba su kai kaka, sittin. Ɗari biyu ke nan, ban da kwanakin da zai yi kwance wurina."

"Tsohon abu dai sai da gyara," in ji Abdulmalik. "In rage muku hamsin."

Yazidu yana lissafi, kuma wannan karon lissafin bai yi masa wuya ba. In ya biya ɗari bakwai da hamsin, saura hamsin a hannu, gyara na neman ɗari biyu. Ko da abin bai kwanta ba, ribar sati bakwai ce za ta tafi kafin ya cike gibin, ba a ci ba, ba a sha ba, ba a yi huɗa ba. Ruwa kuwa ba zai jira sati bakwai ba. Wani dogon baron mai lafiya ya haura miliyan. Saura ƙiris da ya zuba shanun ubansa cikin wannan baƙar ƙasa. Ya ji daɗin tsira, sai kuma daɗin ya gushe, domin yanzu abu ɗaya ya rage wanda kuɗinsa za su iya saye, shi ne kuma abin da aka hana shi.

Suka fito suka kama hanyar gida. Ƴan kabu-kabu sun fara fitowa, suna wuce su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya wuce sai Kande ta kawar da kai. Yacuba ya yi sallama ya karkata gareji. A ƙofar gida tsohuwa ta tsaya, ba ta shiga ba.

"Wancan, mai ƙahwa biyu. Nawa ka ce shina ragewa?"

"Ban ce ba, Inna."

"Nasiba ta hwaɗa mini jiya. Ina son in ji daga bakinka."

"Ɗari biyu. A yi huɗa, a sai iri da taki, a aje saura don ɓacin rana."

Ta daɗe tana kallon sandarta, wadda bakinta ya yi baƙi da mai. Ita da hannunta ta tone abin da ya rushe sharaɗinta, kuma ta san haka. Yazidu ya ji tausayinta ya kama shi har ya so ya ce a bar maganar duka, a koma a sayi shanu, ya ci gaba da zaman jiran kamiyo.

"Inna, in ba ki so, wallahi..."

"Ba ni so," ta ce. "Har in mutu ba ni so. Amma ban hana ka don ka talauce ba, na hana ka don ka rayu. Tahi ka saya. Mutane za ka ɗauka, ban da jarka, ko ta ruwa ce. Hular ƙarhen nan kullum bisa kanka. Magariba ta same ka gida."

"Na ji, Inna."

"Da saura. In za ka zo wurina, ka kashe shi wajen tsamiyar bakin gari, ka turo shi da hannu." Ta gyara riƙon sandarta. "Da kukan abin nan nike sanin Halidu ya iso. Ba ni son in ji shi ƙohwar gidana in tashi da gudu."

Ranar ya sayi moto, ja, da ledarta. Yacuba ya bi ta ƙusa ƙusa ya ɗaure, ya ce kada ya matsa mata gudu sai ta saba, bidanjin farko kuma kada ya wuce kwana uku. Nasiba ta samo gwangwanin madara ta huda murfinsa, kowace yamma rabin jika na shiga ciki kafin a taɓa na cefane. Wata rana ya samu shida, wata rana huɗu, ranar Talata har takwas. Barcinsa ya dawo, sai dai ba duka ba.

Ruwan farko ya sauka daren wata Alhamis. Da safe ya ƙulle kuɗin huɗa a aljihu ya kama hanyar Yelu, ƙasa na ƙamshi, mutane sun fita gonaki da sungumi. Ya wuce rijiyar da ke can nesa da gari, yana isa tsamiya ya murɗa makulli, inji ya yi shiru. Ya sauka ya kama ƙaho ya fara turawa cikin danshin yashi. Tafiyar da nisa, gumi ya jiƙa masa riga, yara suna binsa suna tambaya ko mai ne ya ƙare.

Da ya karyo kwanar gidan sai ya hango ta. Tana tsaye a ƙofa, babu sanda, babu mayafi, hannunta duk garin dawa, tana haki. Da safiyar bayan ruwa sauti yana tafiya nesa, tsamiyar ba ta isa ba. Ta dube shi, ta dubi hular da ke kansa, ta daɗe kafin ta gane fuskar da ke ciki.

"Yazidu," ta ce, kamar mai gaya wa kanta.

"Ni ne, Inna."

Ta goge hannunta a zani, ta juya za ta shiga.

"Wani zuwan," ta ce, "ka kashe shi tun daga rijiya."